Jawabin da na yi a taron 'yan Katsina da Daura kan takardar neman mastas

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranka ya daɗe shugaba, iyayenmu maza da mata, yayye da ƙanne, sannunku da zuwa, sannunku da sanyi kuma. Minti goma aka bani, toh bari in tafi kai tsaye.

Kusan kowa a ɗakin nan yanada wani a gida da ke damunshi da waya, yaya a taimaka mani in zo mastas. Kuma yawancinsu ba yaran da suka gama digiri bara bane, mutane ne da suka gama shekara takwas ko goma da suka wuce, suka yi koyarwa, suka yi kasuwa, suka yi aikin wucin gadi nan da can. Idan aka zo wajen takardar bayanin kai, wadda ake ce ma fasonal sitetmen, nan ake yin ɓarin. Zan baku labarin ta ɗan ƙanwata da muka gyara tare, da izininshi, sunan dai na ɓoye.

Yaron kemistiri ya karanta, ya fita da 2:2. Bayan bautar ƙasa ya koyar a makarantar kuɗi shekara biyu, ya buɗe shagon cire kuɗi a Daura, daga baya ya samu shiga aikin rabon maganin riga-kafin zazzaɓin cizon sauro, wanda ake bi gida gida da damina ana ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59. Shi ne mai tattara alƙaluma. Yanzu yana son mastas a lafiyar al'umma. Jami'ar tace kalma 500.

Abinda ya fara turo mani wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai a bas. Ya fara da an haife ni a tsohuwar masarauta mai tarihi, saura kaɗan ya kawo Bayajidda da rijiyar Kusugu, sannan firamare, sakandare, jami'a, yana bin shekaru ɗaya bayan ɗaya kamar mai cike fom. Kafin ya iso aikin lafiyar ya cinye kalma 380. Kuma sau uku yana bada haƙuri, duk da ban karanta fannin ba, duk da makina bai kai ba. Malamin da zai karanta yanada tulin takardu gabanshi, abinda zai gani shi ne mutum mai tsalle daga wannan sana'a zuwa waccan, wanda shi kanshi bai yarda ya cancanta ba. Jerin shekaru aikin sibi ne, wato takardar tarihin karatu da aiki, kuma an riga an tura masu ita.

Sai na kira shi nace bar maganar tarihi, faɗa mani rana ɗaya a wurin aiki da ka ga abu ka kasa gane kanshi. Ya yi shiru, can yace akwai wata mazaɓa ta wajen iyaka da duk zagayen rabo lissafi ke nuna an ba yara fiye da adadin yaran da aka ce suna garin. Wato sama da kashi 100. Nace to me ya jawo? Nan fa bakinshi ya buɗe. Yace adadin yaran garin da ake lissafin da shi hasashe ne da aka ɗora kan ƙidayar 2006, kuma mutane na shigowa daga Nijar wajen dangi, sannan uwa zata tura maka ɗan shekara shida tace ai biyar bai cika ba, mai rabo kuma ba zai yi musu da ita a zaure ba. Yace abinda ke cinshi a rai, takarda na cewa an gama da kowa alhali shi ya san rugage da ba'a taka ba, kuma bai san yadda ake auna gaskiyar adadin ba.

Nace mashi ai ka gama rubuta takardarka, ga farkonta nan. Kalma kamar 80 muka ba wannan, wurin, aikinshi, lambar da ta ƙi daidaita, da abinda ya kasa yi. Mai karantawa daga layin farko ya san dalilin da yasa mutumin nan ke neman ilimin yaɗuwar cututtuka, ba sai yace tun ina yaro nake son taimakon al'umma ba, wanda kowa ke rubutawa.

Sashe na biyu shi ne mafi tsawo, kusan kalma 200, kuma nan muka fi yin faɗa. Doka ɗaya na sa mashi, duk aikin da bai taimaka wajen bayanin waccan matsalar ba, waje. Shi shagon cire kuɗi yake son ɓoyewa don kunya, koyarwa yake son tallatawa. Ni kuma na juya. Saboda mutumin da ya shekara uku duk dare yana daidaita rasit da kuɗin aljihun tebur, in naira ɗari biyar ta ɓace sai ya gano inda ta shiga, shi ne zai lura cewa fakitin magani da aka fitar daga sito bai yi daidai da takardar rabo ba. Haka muka rubuta, jimla biyu, ba kwalliya. Kemistiri ya shigo ta wajen lissafi da aikin lab. Koyarwa kuwa rabin layi ta samu, cewa da ita yake horar da masu rabo. Kuma duk inda ya rubuta mun yi, na tambaye shi kai me ka yi? Mu Hausawa muna jin nauyin cewa ni, amma su ba tawaga zasu ɗauka ba, mutum ɗaya ne. Sai dai kar a ƙara gishiri, mai rubuta maka takardar shaida in ya faɗi wani abu daban an kama ka.

Maganar 2:2 kuma, kar a ɓoye don taransikirif na hannunsu, kar kuma a yi kuka. Jimla biyu a tsakiya, bayan an riga an ga aikinka. Ya faɗi makin, ya faɗi kwas ɗin sitatistis da ya yi ta intanet daga baya da satifiket ɗinshi, shikenan. Amma ku faɗa ma masu babbar difloma gaskiya, takarda komai kyanta bata tsallake sharaɗin shiga, su fara tura imel ga ofishin ɗaukar ɗalibai su ji ko ana karɓa tare da shekarun aiki, kafin su ɓata wata guda suna rubutu.

Sai dalilin zaɓen wannan kwas ɗin, kalma 120. Da cewa ya yi jami'arku shahararriya ce a duniya. Ga gwaji mai sauƙi, cire sunan jami'ar ka sa na wata, in jimlar bata lalace ba to bata da amfani. Na sa ya buɗe shafin kwas ɗin ya zaɓo darussa biyu da sunansu yadda suke a rubuce, ɗaya na tsara binciken gida gida da zaɓen samfur, ɗaya na sitatistis, ya nuna yadda kowanne ke amsa tambayar waccan mazaɓar. Ya duba kuma ko ana koyar da su a shekarar, don suna canzawa.

Ragowar kalmomin ya faɗi inda zai koma, sa ido da tantance shirye-shiryen lafiya a ƙananan hukumomin iyaka. Ba zan kawo ƙarshen maleriya a Afirka ba, wannan na goge da hannuna. Masu neman Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, su lura, nasu tambayoyi ne daban daban, suna neman awa 2,800 na aiki kuma sai ka koma gida shekara biyu bayan karatu, kar a kwafi wannan a manna can.

Sau biyar muka sake ta. Wanda ke da ta ɗan'uwanshi a waya ya same ni bayan sallah, ina can kusa da kular masa. Hajiya na ta nuna mani agogo, na gode.