Amsoshin Tambayoyinku: Folda ɗaya, kwamfuta biyu, babu data

"Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu da gyaran hotuna a Argungu. Babbar kwamfuta mai Windows 10 ita ke haɗe da firinta, ƙanena kuma yana aiki a kan laftof mai Windows 11. Kullum da filash muke kai da kawowa, ga cutar da ke mayar da fayiloli gajerun hanyoyi ta dame mu. Ta yaya za mu riƙa ajiye aiki a folda ɗaya ba tare da sayen data ba?"

Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Abin da za ka saya ɗaya ne, wayar nan mai kai irin na tsohuwar wayar tarho amma ya fi faɗi, wadda masu shagon kayan kwamfuta ke kira kebul ɗin LAN. Ka nemi wanda aka rubuta Cat5e ko Cat6 a jikinsa. Yana aiki har tsawon mita 100, don haka mita 3 ko 5 ta ishe ka. Kai ɗaya a bayan babbar kwamfuta, ɗayan a laftof. In mai shago ya ce sai an juya maka wayoyin ciki, ka ce masa wannan zancen kwamfutocin da ne, na yanzu suna daidaita kansu. In kuma laftof ɗin ƙanenka irin siririn nan ne marar ramin kebul, akwai ɗan adafta da ake sawa a ramin USB. Da ka jona za ka ga ƙaramar fitila tana ƙyaftawa a bakin ramin, in akwai ta. Alamar wayar na da rai ke nan.

Kafin mu shiga ciki, ka riƙe abu guda, shi zai rage maka rabin wahala. Kwamfutar da foldar ke cikinta ita kaɗai ake buɗe wa ƙofa. Laftof baƙo ne da zai zo ya yi sallama, ba ya bukatar a buɗe komai nasa. Mutane da yawa sai su bi su kunna komai a dukkan biyun, wasu har su kashe garkuwar Windows gaba ɗaya, alhali aikin kusan duka na gefe ɗaya ne. A shagonka babbar kwamfuta ce za ta riƙe foldar, tunda ita ce ba ta fita ko'ina.

Da farko sai kowacce ta samu adireshi. Inda akwai rauta, ita ke raba musu. Tunda a nan babu, in ka ƙyale su za su jira ɗan lokaci, sannan kowacce ta ɗaukar wa kanta lamba mai farawa da 169.254. Hakan ma yana aiki, sai dai lambar na iya sauyawa, ka wayi gari ka nemi folda ka rasa. Gara ka rubuta musu da hannunka. Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta ncpa.cpl, ka danna dama a kan Ethernet, ka shiga Properties, ka danna Internet Protocol Version 4 sau biyu, sannan ka zaɓi Use the following IP address. Ga abin da za ka cike, masu sauraro a ɗauko biro:

```
Babbar kwamfuta:  192.168.10.1
Laftof:           192.168.10.2
Subnet mask:      255.255.255.0
```

Layi na uku iri ɗaya ne a dukkansu. Gurbin Default gateway ka bar shi fayau, don nan ne hanyar fita intanet, kai kuwa babu inda za ka. Amfanin barinsa haka shi ne ƙanenka zai iya ci gaba da jona laftof ɗinsa da wayarsa ta Wi-Fi in zai tura wa kwastoma aiki, ba abin da zai rikice.

Yanzu ga wurin da yawancin mutane ke maƙalewa. Idan Windows ta ga kebul babu rauta, sai ta kira haɗin Unidentified network, ta ɗauke shi a matsayin Public, wato wurin da ba a yarda da kowa ba, ta kulle ƙofa. Kai kuma ka je ka kunna rabon fayil a ƙarƙashin Private, ka dawo kana mamakin me ya hana abu aiki. To a babbar kwamfuta ka shiga Control Panel, sai Network and Sharing Center, sai Change advanced sharing settings. A ƙarƙashin Guest or Public ka zaɓi Turn on file and printer sharing, ka yi haka nan a ƙarƙashin Private ma. Ban ce a yi wannan a laftof ba, don shi yana yawo, yau Wi-Fi ɗin makaranta, gobe na otal. Sannan can ƙasa, a All Networks, ka bar Password protected sharing a kunne.

Ka gwada kafin ka wuce. A laftof ka danna Windows da R, ka rubuta cmd, a baƙin allon da ya buɗe ka rubuta:

```
ping 192.168.10.1
```

In ka ga Reply from 192.168.10.1 tare da lokaci a gabansa, hanya ta buɗe. In Request timed out ne, mafi yawanci ƙofar can ce ba ta buɗu ba, ka koma ka duba Guest or Public. In kuwa Destination host unreachable ne, ka duba kebul, ka kuma sake karanta lambobin, don sau da yawa mutum kan rubuta 10 a ɗaya, 1 a ɗayar. Kada ka damu in ka gwada daga babbar zuwa laftof ka ji shiru. Haka ya kamata, ai ba mu buɗe shi ba.

Sai maganar kalmar sirri, kuma a nan zan ɗan daɗe. Na san galibin kwamfutocin shago ana kunna su ne su faɗa ciki kai tsaye, babu abin da suke tambaya. Windows ba ta yarda a shigo ta hanyar kebul da asusun da ba shi da kalmar sirri. Lambar PIN ma da wasu ke sawa ba ta aiki a nan, ta gaban allo ce kawai. Shi ya sa za ka ji masu gyara suna cewa a kashe Password protected sharing a huta. Ni ban ba ka wannan shawarar ba. Sabbin fitowar Windows 11, musamman daga 24H2, suna ƙin shiga folda a matsayin baƙo marar suna, sai ka kashe abin kuma laftof ya ci gaba da ƙi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka buɗe wani asusu na musamman a babbar kwamfuta, wanda aikinsa ke nan kawai. Ka buɗe cmd ta Run as administrator ka rubuta:

```
net user shago * /add
net accounts /maxpwage:unlimited
```

Layi na farko zai tambaye ka kalmar sirri sau biyu, kuma ba za ka ga komai a allo ba yayin da kake bugawa, kada ka ɗauka maɓallan sun mutu. Layi na biyu kada ka tsallake shi. A ƙa'idar Windows kalmar sirrin irin wannan asusu na ƙarewa bayan kwana 42. Sai komai na tafiya lafiya, bayan mako shida laftof ya ce bai san ka ba, ka fara zargin kebul ko yaron shago.

Foldar kanta ka ƙirƙire ta kai tsaye a cikin C: ko D:, ka sa mata gajeren suna, misali Aiki. Ka danna dama a kanta, Properties, Sharing, sai maɓallin Share. Ka rubuta shago, ka danna Add, ka mayar da izininsa Read/Write. Na zaɓar maka wannan maɓallin ne da gangan. Izinin folda a Windows hawa biyu ne, ɗaya na masu shigowa ta kebul, ɗaya a shafin Security, kuma wanda ya fi tsauri a cikinsu shi ke cin nasara. Maɓallin Share yana gyara duka biyun lokaci guda, shi kuwa Advanced Sharing na farkon kawai yake taɓawa. Duk wanda ya ce yana ganin fayiloli amma ya kasa ajiye sabo, to a ɗaya daga cikin hawa biyun nan matsalarsa take.

A laftof kada ka ɓata lokaci kana jiran sunan babbar kwamfuta ya bayyana a ƙarƙashin Network, ranar da ya ga dama yake fitowa. Ka danna Windows da R ka rubuta:

```
\\192.168.10.1\Aiki
```

Ka lura sandunan nan masu jingina ta hagu ne, ba irin na adireshin intanet ba. Zai tambayi suna, ka sa shago da kalmar sirrin, ka yi alama a Remember my credentials. Daga nan ka je This PC ka zaɓi Map network drive ka ba ta harafin Z:, ƙanenka zai riƙa ganinta kamar filash ɗin da ba a cirewa. In dukkan kwamfutocin na da rami mai saurin gigabit, bidiyon biki mai gigabait 1 zai wuce cikin daƙiƙa goma sha wani abu. In ɗaya tsohuwa ce mai megabit 100, zai kai kamar minti ɗaya da rabi.

Abu biyu ka gaya wa ƙanenka tun yau. Fayil ɗin da ya goge daga laftof a cikin wannan folda ba ya zuwa Recycle Bin, na laftof ko na babbar, ya tafi ke nan. Takardun makaranta ko hotunan ɗaurin auren mutane, a riƙa kwafe su wani wuri duk ƙarshen mako. Na biyu, in aka ɗauke wuta babbar kwamfuta ta mutu, ko ta yi barci, foldar ta ɓace har sai ta tashi, don haka ka hana ta barci a Power Options. Cutar filash kuwa za ta ragu sosai, amma wadda kwastoma ya shigo da ita a nasa filash ɗin na iya kaiwa ga foldar, sai a bincike shi kafin a buɗe.

Akwai wata gajeriyar wasiƙa daga wata malama a Gusau da ta shafi wannan: "Muna da rauta a ofishin makarantarmu amma datarta ta ƙare tun bara. Za ta yi wannan aikin? Ɗaya kwamfutar Windows 7 ce."

Za ta yi, Malama. Data ta fita waje ce, abin da ke tsakanin kwamfutocin da ke jone da rautar ba ya bi ta kamfanin waya. Ki kunna ta, ki jona su biyun, ki tsallake maganar rubuta lambobi da hannu. A kwamfutar da ke riƙe da folda ki rubuta ipconfig a cmd, lambar da ke gaban IPv4 Address ita za ki sa a madadin 192.168.10.1. Tana iya sauyawa bayan an kashe rauta, in folda ta ɓace nan za ki fara dubawa. Sauran matakan duk ɗaya ne, sai dai ke haɗinki ki sa shi Private, ko Work network a Windows 7, ba sai kin buɗe Public ba. Windows 7 na jin yaren sabbin, saboda haka in wani ya ce ki kunna SMB 1.0, wato tsohon yaren rabon fayil, ki ƙi. Windows XP ce ke bukatarsa, kuma ta raunin da ke cikinsa ne cutar WannaCry ta bazu a duniya a watan Mayun 2017. HomeGroup da za ki gani a Windows 7 ma ki bar shi, an cire shi daga Windows 10 tun 2018.