Maɓallin yana aiki, amma shafi na zarcewa: gyaran tsalle tsakanin sassa a PowerPoint

Assalamu alaikum, jama'a. Ku dubi abin da ke faruwa a allon nan. An jera maɓallai masu kyau, an danna wanda aka rubuta wa "Batir", ya kai mu sashen batir. Lafiya lau. To ga hannu ya ɗan kauce, an danna gefen da babu komai, sai ga shi mun faɗa wani shafin da ba mu nema ba. Wannan ita ce tambayar da ake ta maimaitawa a kwanakin nan: na sa maɓallai, me ya sa har yanzu shafukan ke bin juna?

Amsar a taƙaice: maɓalli ƙara hanya yake yi, ba ya toshe tsohuwar hanya. Yau a kan toshewar za mu daɗe.

Ga misalin da za mu yi aiki da shi. Mai shagon kayan sola ne ya shirya shafuka 12 a PowerPoint don nuna wa masu saye. Shafi na 1 sunan shago, na 2 jerin zaɓi. Daga 3 zuwa 5 bayanin fanel, 6 zuwa 8 batir, 9 zuwa 11 inbata, na 12 kuma farashi. Wanda ya zo sayen batir ba ruwansa da fanel, don haka ba a jere za a nuna ba.

Mu yi sauri a wajen haɗa maɓallin, don yawancinku kun iya. A shafi na 2, ku shiga Insert, sai Shapes, ku zana akwati uku, ku rubuta sunan kowane sashe a ciki. Ku zaɓi akwatin batir, ku danna Ctrl+K, a gefen hagu ku zaɓi Place in This Document, ku nuna shafi na 6, sai OK. Haka za ku yi wa sauran biyun, ɗaya zuwa 3, ɗaya zuwa 9.

Abu ɗaya ku lura da shi a nan. Kafin Ctrl+K, ku danna bakin akwatin, ba cikin rubutun ba. Idan kun ga rubutun ya canja launi an ja masa layi a ƙasa, to kalmar kawai kuka haɗa, akwatin bai haɗu ba. Mai kallo zai danna akwatin kusa da kalmar, abin ya ƙi kai shi. Ku cire, ku sake daga bakin akwati. Kuma ku sa wa kowane shafi taken kansa, in ba haka ba a jerin nan za ku riƙa ganin Slide 6, Slide 7, kuna ta lalube kamar mai neman takalminsa a ƙofar masallacin Juma'a.

Yanzu mu danna F5 mu fara nuni, mu danna maɓallin batir, sannan mu danna fili.



Kun gani? Batir ya kai mu shafi na 6. Mun danna, 7. Mun danna, 8. Mun ƙara dannawa, sai ga inbata a shafi na 9. Shi PowerPoint bai san akwai wani abu wai shi sashe da ya ƙare ba. A wajensa shafuka 12 ne a layi ɗaya, duk dannawar da ba ta sauka kan maɓalli ba, ma'anarta "ci gaba". Har a shafin zaɓin ma haka ne: in aka kuskure akwati, sai a tsinci kai a shafi na 3.

Hanyar toshewa biyu ce, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. A nan ne ake rikicewa.

Ta farko tana cikin Transitions. Can dama akwai Advance Slide, a ƙarƙashinsa On Mouse Click da alamar zaɓi a kai. Ku zaɓi duk shafukan a gefen hagu da Ctrl+A, sannan ku cire alamar. Ku tabbatar After ma babu alama, don in akwai, shafin zai wuce da kansa idan daƙiƙun da aka sa suka cika. Na fi son zaɓar shafuka da Ctrl+A a kan danna Apply To All, saboda Apply To All yana kwafe har salon shigowar wannan shafin ya ɗora wa kowa, ya share wanda kuka tsara wa sauran.

Wannan ya hana linzami wuce shafi. Linzami kawai. Ku duba: an danna fili, shiru. Amma an taɓa kibiyar dama a kibod, ya wuce. An taɓa dogon maɓallin tazara, ya wuce. Wannan hanyar ta dace da wanda zai tsaya da kansa yana bayani, kwamfuta na hannunsa. Yana son kariya daga kuskuren hannu, amma yana son kibod ya zauna a buɗe. Yana ma iya buga lambar shafi, misali 9, ya danna Enter, ya tafi kai tsaye ba tare da maɓalli ba.

Ta biyu ita ce ta kulle ƙofa gaba ɗaya. Ku shiga Slide Show, sai Set Up Slide Show, ku zaɓi Browsed at a kiosk (full screen). Da zarar kun yi haka, danna fili ba ya aiki, kibiyoyi ba sa aiki. Abin da ya rage shi ne maɓallan da kuka haɗa, da Esc na fita. Wannan ita ce ta mai shago da zai ajiye kwamfuta a kan tebur, mai saye ya duba da kansa, ko malamin da ya shirya wa ɗalibai tambayoyi masu zaɓin amsa.

Sai dai kullewar na da sharaɗi, ku saurara da kyau. Duk shafin da babu maɓalli a kansa ya zama ɗakin da ba ƙofa. Shafi na 1 ma, mai sunan shago, in ba ku sa masa maɓallin "Shiga" ba, nan mai kallo zai tsaya har ya gaji ya tafi. Saboda haka ku bi shafukan ɗaya bayan ɗaya kuna tambaya: daga nan ta ina ake fita? A sashen batir, shafi na 6 yana buƙatar "Gaba". Na 7 yana buƙatar "Gaba" da "Baya". Na 8 kuma, wanda shi ne ƙarshen sashe, "Baya" kawai da komawa jerin zaɓi. Kada ku sa masa "Gaba", don zai zuba mai kallo cikin inbata, wato kun sake buɗe ramin da kuka toshe da hannunku.

Sharaɗi na biyu: motsin da kuka sa a kan On Click ba zai tashi da danna fili ba a wannan yanayi. Hoton batirin da ya kamata ya shigo zai ƙi fitowa, ku ɗauka ya ɓata. Ku shiga Animations ku mayar da Start zuwa After Previous ya shigo da kansa, ko ku yi amfani da Trigger ku ɗaure shi a jikin wani akwati da za a danna.

Maɓallin komawa jerin zaɓi kuwa, kada ku wahalar da kanku kuna zana shi sau goma. View, sai Slide Master, ku hau babban shafin da ke can sama, ku ajiye shi a kusurwa ɗaya, ku haɗa shi da shafi na 2. Zai bayyana a shafukan da ke bin wannan tsarin. Idan daga Action Buttons kuka ɗauko mai hoton gida, wanda ke ƙasan jerin Shapes, ku sani First Slide yake nufa tun asali. Namu jerin zaɓin yana shafi na 2, don haka a Hyperlink to ku canja zuwa Slide… ku nuna na 2.

Saura shafin farashi, na 12, kuma ina son wannan wajen sosai. Daga sassa uku ake zuwa masa ta maɓallin farashi da kuka sa a shafukansu: daga fanel, daga batir, daga inbata. To maɓallin komawarsa ina zai nufa? Mutane da yawa Previous Slide suke zaɓa, suna zaton yana nufin inda aka fito. A'a. Previous Slide yana nufin shafin da ke bayansa a lamba, wato 11. Mai sayen batir ya leƙa farashi daga shafi na 7, ya danna komawa, sai ya ga kansa a ƙarshen inbata. Abin da kuke buƙata shi ne Last Slide Viewed. Ku zaɓi akwatin, Insert, Action, Hyperlink to, sai Last Slide Viewed. Wanda ya zo daga 7 zai koma 7, wanda ya zo daga 4 zai koma 4.

Amma taki ɗaya kawai yake tunawa. Idan farashin ya yi yawa kuka raba shi biyu, 12 da 13, mai kallo ya wuce zuwa 13, to shafin da aka gani na ƙarshe ya zama 12, an manta da 7. A irin wannan hali ku haɗa shafukan biyu a Custom Slide Show, wato ƙaramin nuni na zaɓaɓɓun shafuka da ake shiryawa a cikin Slide Show, ku haɗa maɓallin farashi da shi ta Action, ku sa alama a Show and return. Idan ƙaramin nunin ya ƙare, zai mayar da mutum inda ya taso; in kun kulle gaba ɗaya, ku sa wa shafinsa na ƙarshe maɓallin Action mai End Show don a iya ƙare shi. Ni dai shawarata, in farashi zai shiga shafi guda, ku bar shi a guda.

Masu PowerPoint 2019 ko Microsoft 365 suna da Zoom a cikin Insert. Summary Zoom yana gina muku shafin zaɓi da hotunan sassa, kuma yana dawowa da kansa bayan sashe ya ƙare. Yana da kyau ga mai bayani a tsaye. Masu Google Slides kuma, Ctrl+K na haɗa akwati da shafi a can ma, sai dai danna fili zai ci gaba da wuce shafi yayin nuni.

Wani abin da zai kwantar muku da hankali: in kun ja shafin batir daga 6 kuka mayar da shi 3, mahaɗin yana bin shafin, ba lambar ba. Abin da ke kashe mahaɗi shi ne goge shafin. Ko da kun sake gina irinsa sak, sai kun sake haɗawa.

Gwajin ƙarshe, kuma a cikin nuni za ku yi shi da F5, ba a wajen gyara ba. Ku shiga kowane sashe, ku je ƙarshensa, ku dawo. Ku leƙa farashi daga 4, daga 7, daga 10, ku ga ko kowanne ya mayar da ku wurinsa. Sannan ku danna fili da gangan a kowane shafi, ku taɓa kibiya. In kun zaɓi kullewa gaba ɗaya kuma wani abu ya motsa, ku koma Set Up Slide Show ku duba. In komai ya tsaya cak, ku adana fayil ɗin a matsayin .ppsx, yadda duk wanda ya buɗe shi zai faɗa cikin nunin kai tsaye daga shafi na 1.