Daga Ruwan Kogi zuwa Famfo: Aikin Mai Kula da Ƙaramar Matatar Ruwa

Wannan ruwan da kuke gani yana shigowa daga kogi, ja wur saboda ruwan saman da aka yi daren jiya, shi ne zai fita fari tas bayan 'yan sa'o'i. A matatar da za mu yi misali da ita, injin yana ɗebo lita 20,000 a kowace sa'a, ruwan ya bi ta wurin zuba alif, ya shiga tankin kwantar da laka, ya ratsa matacin yashi, sannan a sa masa kulorin kafin ya hau tankin sama.

Lakar da ke cikin ruwan damina tana da laushin da ko an bar ruwan ya kwana ba za ta kwanta duka ba. Alif ne yake tattara ta, ta zama gudaji masu nauyin da za su nutse. Amma adadin da ya wadatar jiya ba lalle ne ya wadatar yau ba, don haka duk lokacin da launin kogi ya sauya, ku sake gwajin kwalabe kafin ku taɓa ma'aunin zubawa.

Ga yadda ake gwajin: ku narka giram 10 na alif a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Ku jera kwalabe biyar, kowace da lita ɗaya ta ruwan kogi, ku zuba mililita 1 na haɗin a ta farko, 2 a ta biyu, har zuwa 5 a ta ƙarshe. Kowace mililita tana daidai da miligiram 10 a lita. Ku gauraya da ƙarfi na minti ɗaya, sannan a hankali na kamar minti 15, ku bar su su huta rabin sa'a. Ku zaɓi mafi ƙarancin adadin da ya ba da ruwa garau a sama da laka kwance a gindi, domin ƙari a kan haka asarar alif ce, kuma yana iya sake dagula ruwan.

A ce kwalba ta uku ce ta yi, wato miligiram 30 a lita. Lita 20,000 na bukatar giram 600 a sa'a. Idan kun narka kilo 10 a ruwa har ya cika duro mai lita 100, kowace lita tana ɗauke da giram 100, ke nan lita 6 za ku saki a sa'a, mililita 100 a minti. Kada ku dogara da lambar da ke jikin injin zubawa. Ku tara kofin awo a bakin tiyo, ku duba agogo, ku tabbatar da idonku.

Idan kun ƙara alif amma gudajin sun ƙi haɗuwa, ku auna pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, wanda lambarsa ke sauka idan tsami ya ƙaru. Alif yana saukar da shi, kuma yana aiki sosai ne tsakanin 6 da 7.5. In ya faɗi ƙasa da haka, garin soda ake ƙarawa, ba alif ba.

Ku riƙa zubar da lakar gindin tanki kafin ta taru ta fara tasowa. Shi kuwa matacin yashi, idan ruwan da ke samansa ya hau, wanda ke fita kuma ya ragu, to ya toshe. Ku wanke shi ta hanyar tura ruwa daga ƙasa zuwa sama har ruwan wankin ya yi haske, kuma ku zubar da ruwan farko da ya fito bayan wanki.

Ruwan da zai karɓi kulorin kada duhunsa ya wuce 5 a ma'aunin duhun ruwa da ake kira NTU, an fi so ma ya gaza 1, domin laka tana cinye kulorin, tana kuma ɓoye ƙwayoyin cuta. Shi ya sa ƙara kulorin ba ya gyara sakacin da aka yi a wurin alif. Idan ana so a zuba miligiram 2 a lita, giram 40 na kulorin ke nan a sa'a. Da garin kulorin da ƙarfinsa kashi 65 ne cikin 100, kimanin giram 62 za a auna. Bayan ruwan ya zauna da shi minti 30, pH kuma yana ƙasa da 8, ku jefa ƙwayar gwajin kulorin da ake kira DPD a ɗan samfur, ku gwada launin ruwan hoda da ya bayyana da allon launi. Kulorin da ya rage ya kai aƙalla miligiram 0.5 a lita a matata, kuma 0.2 a famfo mafi nisa.

Duron alif daban, na kulorin daban, ludayinsu ma daban, domin haɗuwarsu tana fitar da iska mai guba da ke shaƙe numfashi. Kafin ku miƙa aiki, ku rubuta duhun ruwa, pH, adadin da kuka zuba da sa'ar da kuka wanke mataci, don mai karɓa ya san inda zai ɗora.