Ludayin Rabo: Kashi na Bakwai

Rabi: Assalamu alaikum masu sauraro. Yau muna kan tukunyar makaranta. Ina tare da Malam Sani, hedimastan firamare, da Hajiya Binta da ta daɗe tana dafa wa yara. Hajiya, an ba ki yara ɗari da kuɗin da ba su taka kara sun karya ba. Daga ina ake farawa?

Hajiya Binta: Daga kwanon yaro ɗaya, 'yata, kafin a tunkari kasuwa. Ɗauki shinkafa da wake. Yaro ɗan shekara 6 zuwa 9, ki ware masa ɗanyar shinkafa giram 100, wake giram 30, mai giram 10. Wannan ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da jikinsa ke nema a yini. Yara ɗari ke nan shinkafa kilo 10, wake kilo 3, manja lita ɗaya da ɗan ɗoriya.

Malam Sani: To amma Hajiya, masu dafa mana da mudu suke awo, ba su san giram ba.

Hajiya Binta: Haka ne, Malam. Kuma mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba. Sai a ɗauki mudun kicin ɗin, a cika shi a ɗora a sikelin mai shago sau ɗaya, a rubuta nauyinsa a bango. Shi ke nan, an huta da gardama.

Rabi: Mu zo kan kuɗi. Lokacin da gwamnatin tarayya ta fara shirin ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku a 2016, naira 70 ce kan kowane yaro a rana, daga baya aka mayar 100.

Malam Sani: Kuma kasuwa ba ta jira kowa ba. Abin da na gani da idona, da kaya sun tashi, wake ake fara ragewa. Ka leƙa kwanon yaro, shinkafa fari fat, ƙwayoyin wake ka ƙirga su da yatsa.

Hajiya Binta: Wannan ne yake ci mini tuwo a ƙwarya. Waken nan shi ne mai gina jiki, shi ke ƙara jini. Manjan kuma shi ke ɗauke da sinadarin da ke kare ido, shi ya sa nake hana a soya shi har ya yi fari yana hayaƙi, don amfanin ƙonewa yake. In kuɗi sun gaza, hatsin za a canza. A bar shinkafa kwana biyu a mako, sauran a yi dambun masara da zogale, a barbaɗa ƙuli-ƙuli, ko faten wake da alayyafo. Ciki ya cika, ba a taɓa abin da ya fi amfani ba.

Rabi: Ƙwai fa? Yara na son sa.

Hajiya Binta: Sau ɗaya a mako in ya samu. In bai samu ba, awara tana tsaya masa.

Malam Sani: Mu kuma da kaka muke sayen waken zango guda, a zuba a buhu mai leda biyu a ciki, a ɗaure tam. Ƙwaro ba ya rayuwa babu iska, ba sai an sa magani ba.

Rabi: Saura rabo. An auna daidai, an dafa daidai, amma 'yan layin ƙarshe su tashi da ƙanzo. Me ke jawo haka?

Hajiya Binta: Hannu ne. Mai rabo tana ganin tukunya cike sai ta saki ludayi, ta kai rabi tsoro ya kama ta. Na taɓa yin wannan kuskuren a farkon aikina. Wata yarinya 'yar aji ɗaya ta miƙo ɗan kwanonta, ni kuma sai kankarar gindin tukunya nake. Har yau ina tuna idonta. Tun ranar nake raba abincin a kuloli tun daga murhu, kowane aji da kularsa gwargwadon waɗanda suka zo a ranar.

Malam Sani: Shi ya sa nake aika wa mai dafa mana adadin daga rajista, kafin a wanke shinkafa.

Rabi: Ƙanana da manya ludayi ɗaya ne?

Hajiya Binta: A'a. Ɗan aji ɗaya ludayi biyu a shafe, ɗan aji uku a ƙara masa rabi. Sai ki tsaya ki kalli kwanukan bayan an tashi. In ƙanana suna ragewa kullum, an yi musu yawa, a mayar wa manya. In kuwa ganyen kawai suke tsincewa su ajiye gefe, a yanka shi ƙanana a dafa shi cikin abincin.

Malam Sani: Kuma a fara da ƙanana, Hajiya. Da yawansu ba su karya ba suke zuwa.

Hajiya Binta: Shi ya sa nake so a sauke tukunya kafin tara da rabi, a raba a hutun farko.