Ragon Sallah daga ɗan kwangila: me takardar ƙa'idar aiki ta ce?

Hadiza: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Malam Sani ya zo mana da wata takarda, sai juya ta yake tun ɗazu yana girgiza kai.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Daftarin ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata ne na wani ƙaramin kamfani mai rarraba kayan masarufi, aka ce in duba musu. Bari in karanta muku layi ɗaya: "Ma'aikaci ba zai karɓi kyauta mai tsada daga abokan hulɗar kamfani ba."

Bashir: To ai lafiya lau, Malam. Me ya yi?

Malam Sani: Nawa ne tsada?

Bashir: Eh... ya danganta da mutum.

Malam Sani: Ka ga ka gama kashe dokar da bakinka. Ɗauki misali, jami'in saye da sayarwa, ana saura kwana uku Babbar Sallah, mai kawo musu buhuna ya aiko masa da rago har gida, a ce na naira 250,000, kuma a satin ne ake duba farashin masu neman kwangilar buhunan shekara mai zuwa. Ka kira shi ka ce ya karya doka, zai ce maka shi a wajensa rago ba abu mai tsada ba ne, duk shekara biyu yake yankawa, kuma wallahi ba ka da abin da za ka kama shi da shi a rubuce.

Hadiza: Amma Malam mu faɗi gaskiya, a wajenmu mayar da kyauta ai cin fuska ne. Mutum ya aiko maka da abu ka ce a koma masa da shi? Gobe ku haɗu a ɗaurin aure ina za ka sa idonka.

Malam Sani: Shi ya sa ake rubuta dokar da kyau, don ma'aikaci ya samu abin fakewa. Ya ce Alhaji ka yi haƙuri, ba ni ba ne, takarda ce ta ɗaure ni. Ni yadda na gyara musu, na sa adadi ƙarara. Duk kyautar da ta wuce naira 20,000 ba a karɓa, wadda ba ta kai ba kuma, sai a karɓa amma a rubuta ta a rajistar kyauta cikin kwana biyu na aiki. Adadin nan kamfani ne ke zaɓar nasa, ba wata doka ce ta yanke ba. Tsabar kuɗi kuwa ko nawa ne babu, har katin waya da turo kuɗi a asusu. Sannan lokacin da ake tantance kwangila, ko kalanda ba a karɓa daga wanda ke nema.

Bashir: To in ya raba fa? Yau shadda yadi biyar, wata mai zuwa turare, kowanne bai kai 20,000 ba.

Malam Sani: Yauwa Bashir, ka san halin mutane! Sai a ƙara da cewa jimillar abin da ya fito daga hannun mutum ɗaya ko kamfani ɗaya a shekara ake lissafawa. Kuma a ce "gare shi ko iyalinsa", don ragon nan ba sunan maigida za a faɗa ba, cewa za a yi na Hajiya ne da yara.

Hadiza: Idan an riga an sauke ragon a gida ma'aikacin yana ofis, yara har sun raɗa masa suna?

Malam Sani: Ya rubuta a rajista, ya sanar da shugabansa a ranar. Kamfani ne zai yanke, ko a mayar da wasiƙar godiya da sunan kamfani, ko in mayarwar za ta yi wuya a yanka a raba wa ma'aikata ko a kai gidan marayu, a kuma sanar da wanda ya aiko. In ya ji inda ragon ya ƙare, baɗi ba zai sake ba.

Bashir: Ni na tuna hadisin nan na wanda aka aika karɓar zakka, ya dawo ya ce wannan naku ne wannan kuma ni aka ba kyauta, Annabi (SAW) ya ce me ya hana ya zauna gidan ubansa da uwarsa ya ga ko za a kawo masa.

Malam Sani: Ma'aunin kenan, kujerar ake ba ko mutumin. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ma, a jadawali na biyar, ya ce jami'in gwamnati in ya karɓi kyauta daga kamfani ko mai kwangila da gwamnati, za a ɗauka ya saɓa doka har sai ya tabbatar da akasin haka. Ya bar ƙofa ga kyautar dangi da abokai daidai yadda al'ada ta san da ita. Wannan ma'aikatan gwamnati ya shafa, kamfani mai zaman kansa sai ya rubuta nasa.

Hadiza: Maganar dangi ta kawo mu layi na gaba, na leƙa takardar na gani: "Kada ma'aikaci ya yi hulɗar kasuwanci da ɗan uwansa." Na yi dariya wallahi, a Hausa wane ne ba ɗan uwa ba? Ɗan garinku ma ɗan uwa ne.

Malam Sani: Dole a lissafa su. Mata ko miji, 'ya'ya, iyaye, wanda kuke uwa ɗaya ko uba ɗaya, surukai, da duk wanda kuke da hannun jari tare. Kuma ni ban so a ce an haramta, don in ka haramta ɓoyewa za a yi, a yi rajistar kamfani da sunan ƙanin mata. Gara a ce ka bayyana a rubuce kafin a buɗe takardun farashi, ka fita daga ɗakin, wani ya sa hannu. In buhun surukinka ya fi araha ya fi kyau a saya mana, amma ba da alƙalaminka ba.

Bashir: Saura shafin kamfani na Facebook da WhatsApp, don nan ne nawa ɓangaren. Sun rubuta "a yi amfani da shi yadda ya dace", shi kenan fa. Ni abin da na sha gani, yaro ɗaya ne ya buɗe shafin da lambar wayarsa, ranar da ya bar aiki ya tafi da shafin da mabiya gaba ɗaya, ana ta binsa ana roƙo. A rubuta cewa shafin mallakar kamfani ne, da imel da layin kamfani za a buɗe shi, masu riƙe da shi aƙalla mutum biyu, kuma ranar da ɗaya ya ajiye aiki a cire shi a canza kalmar sirri.

Hadiza: A ƙara da kar a tallata atamfar matar manaja a shafin, na taɓa gani da idona.

Bashir: Da siyasa, da sa hoton rasit ɗin kwastoma da lambar wayarsa a fili, wannan tun da aka yi dokar kare bayanan mutane ta 2023 ba abin wasa ba ne. In an yi kuskure an saki abu a shafin kamfani ana zaton na kai ne, a ɗauki hotonsa tukuna, a goge, a faɗa wa shugaba nan take.

Malam Sani: To ku ba ni biro, na ga ban sa maganar canza kalmar sirrin nan ba.