Amsoshin Tambayoyinku: A Faɗi Dalili Ko A Ba Da Haƙuri Kawai?

"Na kwashi adashi naira 150,000. Faccalata ta aiko in ranta mata 50,000, alhali akwai 20,000 da ta karɓa tun azumin bara, har yau shiru. In faɗa mata gaskiya, ko in ce babu?"

Mai gabatarwa: Wannan daga wata baiwar Allah ce a Ƙofar Marusa, kuma irinta sun cika mana tebur a makon nan. Malama, bismillah.

Malama: To, Allah Ya riga Ya koya mana. A Suratul Isra'i, aya ta 28, an ce idan za ka kau da kai daga mabuƙaci don ba ka da abin ba shi, ka faɗa masa magana mai sauƙi. Iyayenmu ko almajiri ya zo ba a samu ba, "Allah Ya ba da haƙuri" ake ce masa. Yanzu kuwa sai a bar mutum tsaye a zaure, ana leƙe ta taga. Da can a unguwarmu...

Mai gabatarwa: Malama, a gafarce ni, agogo na hararata. Ke 'yar'uwa, "babu" dai cire ta daga lissafi. Gida ɗaya kuke, uwar adashi ta sani, kuma ranar da aka shigo miki da keken ɗinki ko buhun shinkafa, ƙaryar ta tashi. Daga nan ba maganar bashi za a yi ba, cewa za a yi kin raina ta. Haka ma "bari in gani". Jibi za ta sake aiko yaro, gata ta zo da kanta, ke ce kika ba ta ranar dawowa.

Abin da za ki tambayi kanki ɗaya ne. Da ta biya 20,000 ɗin, za ki ranta mata? In e ne, to dalilinki abu ne da take iya gyarawa, kuma ɓoye shi zalunci ne a wurina. Ki same ta ke da ita, ba ta bakin yaro ba, ba gaban kishiya ba. Ki ce, "Yaya, wancan na bara ne ya ɗaure ni. Mu fara rufe shi, ko da 5,000 ne duk wata, sai mu buɗe sabo." Za ta ji zafi, amma ta san ƙofar da za ta bi.

In kuwa ko ta biya ba za ki bayar ba, saboda kuɗin na da wurin zuwa, kada ki tono tsohon bashin. Kuma kada ki zauna kina lissafa mata: kuɗin makaranta kaza, jari kaza. Duk dalilin da kika ajiye, za ta ɗauka ta warware miki. Ki ce kuɗin makaranta ne, ta ce ai sai bayan Sallah za a koma, kafin nan ta biya. Me za ki ce? Don haka gajeriya: "Yaya, ki yi haƙuri, wannan karon ba zai yiwu ba. Allah Ya rufa asiri." Ta sake tambaya, ki maimaita da fara'a, kada ki ƙara komai. In da hali ki ba ta 3,000, ki ce kyauta ce.

Na sake faɗa don masu kama mu yanzu: dalilin da mutum zai iya gyarawa, a faɗa masa. Wanda ba zai canja amsa ba, a riƙe shi.

Malama: Kuma a rinƙa rubuta bashi, aya ta 282 a Baƙara ta yi umarni da haka.

Mai gabatarwa: Haka ne, Malama.

"Ni tela ne a Daura, ɗinkin Sallah ya yi mini yawa, ina jin kunyar mayar da mutane."

Maigida, kunyar nan ce ke sa a kwana a shagonka daren Sallah ana zage-zage. Ka ce aiki ya cika, tun yau, su kai wa wani.

"An kawo mini ankon biki 18,000, ba ni da shi."

Ƙanwata, ba sai kin buɗe wa ƙawayen amarya jakarki ba. "Ba zan samu yin anko ba, amma ina nan zuwa." Ki je da wuri, ki kama aiki.

"Mun yi wa 'yata da wanda ke nemanta gwajin jini, dukansu AS ne. Mun ce masa muna shawara, wata uku ke nan." Daga Ƙofar Ƙaura.

Haba Baba! Wata uku yaro na jira, yana zargin talaucinsa ko asalinsa? Wannan dole a faɗa. AS da AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila, kuma bayanin zai yi masa amfani duk inda ya je neman aure. Ku kira waliyyinsa a makon nan, a keɓe, ba a majalisa ba.

Mai tambaya kan tsaya wa aboki a banki, taka tana buƙatar fili, da ita za mu buɗe mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Malama, mun gode. A yi mana afuwa, lokacin labarai ya yi.