Gurzar Haƙora Cikin Barci da Marufin da Ke Kare Su

Mai gurzar haƙora cikin barci yawanci bai san yana yi ba. Abokin kwana ne ke jin ƙarar, ƙurus-ƙurus, tsakar dare. Shi dai mai gurzar ya farka da muƙamuƙi a gajiye da ciwo a gefen kai, saman kunne, sai hantsi ya ɗaga abin ya lafa.

Ka tsaya gaban madubi ka duba fiƙarka. Fiƙa mai tsini ce. Idan tsinin ya shafe, ka zamar da muƙamuƙin ƙasa gefe a hankali. In shafaffen wurin na sama ya zauna daram a kan shafaffen wurin na ƙasa, to haƙori ne ya cinye ɗan'uwansa. Zaizayar da abu mai tsami ke yi ba ta haɗuwa haka. Idan abin ya yi nisa, farin saman haƙori mai tauri ya ƙare, sai launin rawaya na ciki ya bayyana, ruwan sanyi ya fara sa zugi. Wannan farin kuwa, in ya tafi, ba ya dawowa.

Damuwa na ƙara gurzar. Haka taba, da kofi ko goro da yamma.

Likitan haƙori zai ɗauki siffar haƙoranka, a zuba marufi na roba mai tauri, kaurinsa kamar milimita 2, wanda ke rufe haƙoran sama gaba ɗaya. Sai ya sa ka ciji wata siririyar takarda mai barin launi, ya goge inda ya yi tudu, har haƙoran ƙasa su riƙa taɓawa daidai wa daida. Ta haka ƙarfin cizon ke rarrabuwa, ba ya taruwa kan haƙori ɗaya.

A nan ne mutane ke kuskure: suna zaton marufin na hana gurzar, alhali ba ya hanawa. Roba ce ke cinyewa a madadin haƙori. Idan ka ga sawun gurza a kansa bayan wasu watanni, aikinsa yake yi. Wasu kan samu sauƙin ciwon muƙamuƙi, wasu ba sosai ba.

Ni dai ba na ba da shawarar mai laushin nan na kanti, wanda ake tsomawa a ruwan zafi a ciza. Wasu yakan sa su ƙara tauna. Wanda kuma bai rufe duka haƙora ba, in an daɗe ana sa shi, haƙoran da aka bari a buɗe na iya gusawa, cizo ya canza.

Ka wanke shi da buroshi da ruwa mai sanyi, domin ruwan zafi na lanƙwasa shi. Idan kuma kana minshari mai ƙarfi, ko numfashinka na yankewa cikin barci, ka faɗa wa likita tun kafin a yi maka, saboda marufin sama na iya tsananta hakan ga wasu.